Ɗan ƙamus na babin difirishiyeshan: inda aiki ya kai

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Toh yau dai na fara. Ƙanwata ce za ta zana WAEC bana, tunda aka yi hutu take damuna da babin difirishiyeshan na littafin akawuntin ɗinsu, wato lissafin tsufan kayan aiki irin su inji da mota, wai ta haddace ma'anonin tas, ko cikin barci ka tashe ta za ta kawo maka su, amma da an ba ta lambobi an ce yi lissafi sai kai ya ɗaure. Na ce kawo littafin. Na bi babin tun daga farko da fensir a hannu, duk kalmar da na san ba za ka ji ta a bakin ɗan kasuwa ba sai in ja mata layi, na tashi da guda 23. Da na sake bi sai na ga wasu ashe tagwaye ne, abu ɗaya suna biyu ko uku, misali sikirab balu da rezijuwal balu da salbej balu duk abu guda babin yake nufi da su, na haɗe su wuri ɗaya. Wasu kuma 'yan babin baya ne da suka leƙo, irin su leja da tirayal balans, na sallame su. Saura 12.

Tsarin da na yanke: gida uku a Excel. Na farko kalmar da Turancinta yadda za ta gan ta a takardar jarabawa, don ba da Hausa za a tambaye ta ba. Na biyu ma'ana da Hausa, kar ta wuce jimla biyu, kuma kar in saka wata kalmar akawuntin a ciki wadda ban riga na bayyana ta a sama ba. Na uku misali guda ɗaya tak, da lambobi, wanda za a iya bi da kalkuleta a ga ya fita. Wannan doka ta biyun ita ta tilasta min na watsar da jerin a, b, c, don in na bi haruffa sai kalmar da ke buƙatar guda biyar a bayanta ta zo a layin farko. Yanzu jerin yana bin rayuwar kayan ne, daga ranar saye zuwa ranar sayarwa.

Talata, 7 ga Janairu

Na yi guda huɗu jiya da dare, yau na goge misalan duka. Abun da ya faru shi ne kowace kalma na ba ta nata kayan, wannan mota, wannan janareto, wannan kwamfuta, da na ba yarinyar ta karanta sai ta ce "Yaya to ina motar ta tafi?" Kuma gaskiyarta, kalmomin babin nan sarƙe suke da juna, amsar wannan ita ce tambayar ta gaba, in ka canza kaya a tsakiya ka tsinke zaren.

Don haka kaya ɗaya zai bi ƙamus ɗin gaba ɗaya: injin niƙa. Kawunmu yana da shi a bayan layinmu, tun tana ƙarama ake aikenta kai niƙa wajen, ta san ƙararsa ta san ƙurarsa. Lambobin dai ba na Kawu ba ne, ni na zaɓe su don su rabu ba tare da kwabbai ba.

Kalma ta farko, fikis aset, ba ta ba ni wahala ba, kadarar da aka saya don a yi aiki da ita fiye da shekara guda, ba don a sayar ba. Misalin: injin a wajen Kawu kadara ce, amma shi wannan injin a shagon dilan da ke sayar da injina haja ce. Shikenan, jimla ɗaya ta wadatar.

Ta biyu, kost, ita ce na ɗan tsaya a kai. Da na rubuta "kuɗin saye" sai na ga ai ƙarya na yi, don ba kuɗin da aka miƙa wa dila kaɗai ba ne, har da duk abun da aka kashe kafin injin ya zauna a wurinsa ya shirya aiki. Ma'anar da na bari: duk kuɗin da aka kashe tun daga saye har kayan ya zama a shirye yake ya fara aiki. Misali: inji N900,000, kuɗin mota da 'yan dako N40,000, zuba kankare da kuɗin makanikin da ya girka shi N60,000, jimla N1,000,000. Daga nan har ƙarshen ƙamus ɗin miliyan ɗayan nan ita ce tushe.

Sai kafital esfendica da rebenu esfendica, na haɗa su gefe da gefe. Na farko kuɗin da ya sayo kadarar ko ya ƙara mata abun da ba ta da shi da, kamar a ce an ƙara wa injin niƙan motar lantarki mai juya shi ta N150,000 don ya riƙa aiki da wuta ba gas kaɗai ba. Na biyu kuɗin da ke riƙe ta a yadda take, gas, baƙin mai, sabon bel na N8,000 in tsohon ya tsinke. Na ja kunne a ƙasa cewa motar lantarkin nan misali ce ta wannan layin kawai, ba ta shiga lissafin gaba ba, kar a je ana neman ta.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ce ranar da na gane aikin nan ya fi yadda na ɗauke shi.

Na zo kan uwar kalmomin, difirishiyeshan ɗin kanta, na rubuta abun da kowa ke faɗa: faɗuwar darajar kadara saboda tsufa da amfani. Na ji daɗinta ma, gajeriya, Hausa tsantsa. Da yamma na leƙa wajen Kawu in tambaye shi shekara nawa inji irin nasa ke yi kafin ya fara cin kuɗin gyara fiye da abun da yake kawowa, hira ta ja na karanta masa ma'anar. Ya cire ƙyallen da ya rufe hanci da shi ya kalle ni ya ce "ɗan nan wace daraja ce ta faɗi? Injin nan yau in na ce zan sayar wallahi sai an ba ni fiye da abun da na saye shi." Na buɗe baki in yi gardama na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigo da su suka yi tashin gwauron zabi, tsohon inji, tsohuwar mota, tsohon firiji, da yawa kuɗinsu a naira ya haura na ranar da aka saye su sababbi. To in difirishiyeshan faɗuwar daraja ce, kenan Kawu ba shi da ita? Kuma duk ɗalibin da ya tashi a ƙasar nan a shekarun nan haka zai ji a ransa, ko da bai faɗa ba, zai haddace ma'anar don jarabawa amma bai yarda da ita ba.

Na dawo gida na buɗe IAS 16, ƙa'idar duniya da ke magana kan filaye da gine-gine da injina, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a Najeriya suke bi tun da aka koma tsarin IFRS na ƙa'idojin akawuntin na duniya a 2012. Ita ba ta kawo zancen farashin kasuwa a ma'anar ba sam. Abun da take cewa shi ne ana rarraba kuɗin kayan ne bisa tsari a kan tsawon lokacin da za a amfana da shi. Rabo ne, ba ƙiyasin farashi ba. Ka kashe miliyan ɗaya a rana guda, amma injin zai yi maka niƙa shekara biyar, to ba adalci ba ne shekarar farko ta ɗauki nauyin miliyan ɗin ita kaɗai ta fito da asara, sauran huɗun su fito da riba kamar kyauta aka ba su inji. Kowace shekara ta ɗauki rabonta, ko dala ta hau ko ta sauka.

Sabuwar ma'anar da na rubuta: rabon kuɗin kadara da ake ɗora wa kowace shekara a matsayin kuɗin da aka kashe, saboda ta mori kadarar a cikinta. Ba ruwansa da abun da za a taya kayan a kasuwa yau. Jimla biyu cif, ban karya doka ba.

Matsalar da ta rage ita ce littafinsu da tsohuwar ma'anar yake tafiya, kuma ba na so in sa ta rubuta abun da malaminsu zai ga baƙo. Na ƙara gida na huɗu mai suna "a kula", a nan na rubuta cewa littafi yana cewa raguwar daraja, ki san shi ki iya rubuta shi, amma darajar da ake nufi ta cikin littafin lissafi ce ba ta kasuwa ba. A gidan nan kuma na sa cewa fili ba a yi masa difirishiyeshan a bisa al'ada, ba don yana tsada kullum ba kamar yadda yawancinmu muke zato, sai don ba shi da ranar da amfaninsa zai ƙare, babu shekarun da za a raba kuɗin a kansu. Ginin da ke kan filin shi ana yi masa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Guda uku yau, da sauri. Yusful layif na ce shekarun da mai kayan yake sa ran zai yi aiki da shi, ba shekarun da ƙarfen zai yi kafin ya mutu ba, injinmu shekara 5. Sikirab balu abun da ake sa ran samu in an rabu da shi bayan shekarun nan, N100,000, ko a hannun mai sayen tsohon inji ko 'yan gwangwan. A gidan "a kula" na sa wata 'yar magana daga IAS 16 da ta dace da gardamar Kawu: ana ƙiyasta shi ne da farashin yau, wato nawa za a sayi inji mai shekara biyar a yanzu, ba a ƙara masa hasashen tsadar da za a yi nan gaba.

Na uku sitiret layin, na kira ta rabon daidai wa daida. A cire N100,000 daga N1,000,000, saura N900,000, a raba 5, kowace shekara N180,000. A nan na lura akwai kalmar da babin bai ba ta suna ba amma yana amfani da ita, wato N900,000 ɗin nan da ake rabawa, na ba ta layinta, kuɗin da za a raba. Kalmomi sun zama 13.

Na gwada a Excel don in tabbatar:

```
=SLN(1000000,100000,5)
```

Ya ba ni 180000.

Asabar, 18 ga Janairu

Mura ta kwantar da ni kwana uku, hunturun bana ba wasa. Na dawo kan rijusin balans, kuma na tafka kuskuren da ya kamata in rubuta shi a nan don kar in manta yadda aka yi na kasa ganinsa.

Ma'anar ba laifi: kowace shekara ana ɗaukar wani kaso ne daga abun da ya rage a littafi, ba daga kuɗin farko ba, shi ya sa rabon yake farawa da yawa yana raguwa. Na zaɓi kashi 20 cikin 100. Sai hannuna ya bi sabo, na cire sikirab ɗin tukuna, na ɗauki kashi 20 na N900,000, ya ba ni N180,000, na ce madalla ya yi daidai da na Lahadi, na wuce abuna. Ashe daidaituwar nan ita ce ta rufe min ido, don kashi 20 ai ɗaya bisa biyar ne, dole su zo ɗaya a shekarar farko in ka yi kuskuren. Ƙanwar tawa ce ta kama ni, ta ce "Yaya a misalin littafi fa ba su cire komai ba kafin su ɗauki kason." Na duba, haka ne. A wannan hanyar ba a cire sikirab, kason kan cikakken kuɗin yake hawa.

Gyararren misali: shekarar farko kashi 20 na N1,000,000, N200,000, saura N800,000. Ta biyu kashi 20 na N800,000, N160,000, saura N640,000. Ta uku N128,000, saura N512,000. A ƙamus ɗin a nan na tsaya, shekara uku sun isa a ga yadda yake sauka.

Amma ni don kaina na ƙarasa, ta huɗu N102,400, ta biyar N81,920, abun da ya rage a ƙarshen shekara biyar N327,680. To ina N100,000 ɗin da muka ce shi zai rage? Bai kai ba, ko kusa. Wato kashi 20 ya yi wa wannan injin kaɗan, in ana so a sauka kan dubu ɗari a shekara biyar sai kason ya kai wajen 37 cikin 100. Excel yana da fomular da ke nemo kason da kanta:

```
=DB(1000000,100000,5,1)
```

Wannan ya ba ni 369000 a shekarar farko, wato kashi 36.9. Na yi ta tunanin ko in canza misalin ya koma 37, daga baya na bar 20, saboda a irin tambayoyin da ta nuna min ba ka kason ake yi ka yi aiki da shi, kuma lambobin 37 suna fitowa da wutsiya, mai karatu zai shagala da danna kalkuleta ya manta abun da ake koya masa. Na dai rubuta a "a kula" cewa kason misali ne, bai sauka kan sikirab ɗinmu ba. Gara in faɗa da bakina da wani mai ido ya gano ya daina yarda da sauran.

Darasin da ya shafi aikin kansa: daga yau duk misalin da na yi sai na zaɓi lambobin da hanyar kuskure da hanyar daidai ba za su ba da amsa ɗaya ba. Na koma kan na baya na duba su da wannan idon, ba wanda ya faɗa ramin sai wannan.

Laraba, 22 ga Janairu

Furobishan fo difirishiyeshan. Kalmar nan ta ci min dare biyu.

In ka fassara ta kai tsaye tanadi za ka ce, kuma da Bahaushe ya ji tanadi abun da zai zo masa shi ne asusu, ko adashi, kuɗi a ajiye a gefe ana jiran ranar sayen sabon inji. Na tambayi ƙanwata me ta fahimta da ita, ta ce kuɗin da kamfani ke ajiyewa don ya canza inji. Na san za a rina. Babu ko sisi da ake ajiyewa, rubutu ne kawai a leja, wato babban littafin lissafi, ana tara rabon shekara bisa shekara a wani shafi na daban don shafin injin ya ci gaba da nuna miliyan ɗayansa ba a taɓa ba. Mutum zai iya samun N540,000 a wannan shafin alhali aljihunsa wayam, in injin ya mutu sai ya nemo bashi.

Maƙwabcinmu wani dattijo da ya yi aikin akanta har ya yi ritaya, na same shi bayan la'asar na ce Baba ya kuke ce wa abun nan da Hausa a ofis, ya yi dariya ya ce su da Turancinsa suke kiransa, amma in ni ne shi kar in kuskura in ce tanadi, kuma ai sababbin littattafai ma sun fi cewa akumuleted, wato wanda ya taru. Da wannan na tafi: tarin rabo. Ma'ana: jimlar duk difirishiyeshan ɗin da aka ɗora wa kadara tun ranar da aka fara har yau. Lamba ce a littafi, ba kuɗi ba ne a ajiye. Misali: shekara uku ta hanyar daidai wa daida, N180,000 sau uku, N540,000. Na haɗa sunayen biyu a layi ɗaya don ta san duk wanda ta gani shi ne.

Shigarwar leja ma na sa ta a nan tunda nan ne gidanta: kowace shekara debit, wato gefen hagu, a shafin riba da asara N180,000, kiredit, wato gefen dama, a shafin tarin rabo N180,000. Na ce ta lura da kyau, shafin kuɗin hannu ko na banki bai fito a shigarwar ba ko ta ina, wannan kaɗai ya isa hujja cewa kuɗi bai motsa ba. (Zancen debit da kiredit kuwa da yadda alat ɗin banki ya juya wa yara kai, suna ganin kiredit shi ne kuɗi ya shigo, wannan rigimar wani babin ce, ban taɓa ta ba.)

Net buk balu ta zo da sauƙi bayan wannan, abun da ya rage a littafi wanda ba a riga an raba wa shekaru ba. N1,000,000 a cire N540,000, saura N460,000. Nan ma da farko na rubuta "darajar kadara a yanzu" na goge da sauri, Kawu ya riga ya koya min hankali. Sabon sunanta a IAS 16 kariyin amawunt, na sa shi a gefe.

Asabar, 25 ga Janairu

Kalma ta ƙarshe, disfozal, rabuwa da kadara, ko ta sayarwa ko ta yarwa. Dokar misali ɗaya ta so ta karye a nan don akwai riba akwai asara, na daure na tsaya kan ɗaya. An sayar da injin a ƙarshen shekara ta uku N520,000, littafi yana cewa N460,000, bambancin N60,000 shi ne ribar rabuwa. A "a kula" na ƙara layi guda, da N400,000 aka sayar da asarar N60,000 ce.

Shafin disfozal ɗin na zana mata shi a takarda na ɗauki hoto na liƙa, don a Excel ba ya kyau. Hagu miliyan ɗaya da aka kwaso daga shafin inji. Dama N540,000 daga tarin rabo da N520,000 da mai saye ya biya, jimla N1,060,000. Dama ta fi hagu da N60,000, a cike hagu da shi a kai shi shafin riba da asara. Kuskuren da ta yi a gwajin farko shi ne ta kawo N460,000 a hagu kuma ta sake kawo N540,000 a dama, ta cire tarin sau biyu kenan, ribar ta fito N600,000. Yadda za a gane an yi wannan a misalin nan: ribar ta fi kuɗin da aka sayar da injin gaba ɗaya, abun da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Sai wani abu da na gano ina wasa da lambobin, wanda ya fi komai burge ni a aikin nan. Na ce bari in sayar da injin a N520,000 ɗin amma ta hanyar rijusin balans. Littafi a can yana cewa N512,000, riba N8,000 kacal. To a hanyar farko an ɗora wa shekaru uku N540,000 an dawo da N60,000, abun da ya tafi N480,000. A ta biyu an ɗora N488,000 an dawo da N8,000, abun da ya tafi N480,000. Ɗaya ne! Kuma shi ne dai miliyan ɗaya a cire N520,000, ainihin abun da injin ya ci wa mai shi. Kenan ribar rabuwa ba riba ba ce irin ta ciniki, gyara ce ta ƙiyasin da aka yi a baya, an ɗora wa shekarun fiye da kima sai aka mayar da rarar ranar sayarwa. Na sa wannan a ƙasan ƙamus ɗin a matsayin gwajin da mutum zai yi wa kansa. Da na nuna wa ƙanwata ta yi shiru tana kallo sannan ta ce "to Yaya wace hanyar ce gaskiya?" Na ce duk biyun, abun da suka saɓa a kai shi ne wace shekara za ta ɗauki nawa, kuma wadda aka zaɓa ita ake riƙewa, ba a tsalle daga wannan zuwa waccan don riba ta yi kyau.

Na kuma koma wajen Kawu da amsarsa. In ya sayar da nasa sama da yadda ya saya, a ce injinmu ne aka ba shi N1,150,000, littafi zai nuna ribar N690,000. Ya ce to ka gani. Na ce amma Kawu kuɗin nan zai sayo maka sabo irinsa? Ya ce ina fa. Ya mayar da ƙyallensa ya ci gaba da zuba masara.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji. Ƙanwata ta kawo ƙawayenta biyu, na ba su ƙamus ɗin a waya na ba su tambaya da wasu lambobi daban, babur mai ƙafa uku maimakon inji, ban yi musu bayanin komai ba don in ga ko rubutun zai tsaya da ƙafarsa. Kost da tarin rabo da disfozal duk sun wuce lafiya. Inda su ukun suka faɗi wuri ɗaya ne, na ce an sayi babur ɗin ranar 1 ga Oktoba kuma shekarar lissafi tana rufewa 31 ga Disamba, duka suka ɗora masa rabon shekara cikakkiya. Laifina ne, duk misalaina sun ɗauka an sayi injin ranar farko ta shekara, ban taɓa faɗa ba ma. Babin ya yi maganar a sakin layi ɗaya amma ba da wata kalma ta musamman ba, shi ya sa fensirina ya tsallake ta ranar farko. Wannan ita ce illar tsintar kalmomi da ja musu layi, abun da ba shi da suna ba ya kamuwa.

Na ƙara layi na 14, rabon watanni. Da injinmu: wata uku ne cikin goma sha biyu, N180,000 sau 3 a raba 12, N45,000. Da jan kunne cewa a karanta tambaya da kyau, wani lokacin za a ce a ɗora cikakkiyar shekara a shekarar saye kar a ɗora komai a shekarar sayarwa, in an faɗi haka shi ake bi, ba a ƙirga watanni.

Ɗaya daga cikin yaran kuma ta ce "mori" da na sa a ma'anar difirishiyeshan ta tsaya mata, na mayar da ita "ta yi aiki da kadarar". Ni na fi son ta farkon amma ba ni zan shiga ɗakin jarabawa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gama 14 cikin 14, na bi kowane misali da kalkuleta sau biyu, na buga shafi uku a shagon fotokofi na ba ta. Abu biyu na bari a buɗe. Baba akanta ya ce in ƙara layi kan cewa hukumar haraji ba ta karɓar difirishiyeshan ɗin da kamfani ya lissafa wa kansa, tana da nata tsarin rangwamen da ake kira kafital alawans, gaskiya ne amma babin bai kawo shi ba, na rubuta shi a shafin baya na jira. Na biyu hanyar sake kimantawa da ake yi wa ƙananan kayan aiki irin su sifana da guduma, tana cikin babin a layi huɗu, kuma injin niƙa ba zai iya zama misalinta ba, sai dai in ɗauko akwatin kayan gyaran Kawu, in ƙirga abun da ke ciki farkon shekara da ƙarshenta. Zan je gobe in ya yarda ya buɗe min. Babi na gaba bashin da ba a sa ran biya ne, akwai wata furobishan ɗin a can tana jirana, ina so in gama shi kafin azumi.